Waya, Talabijin ko Sinima: Yadda Ake Saita Kamara Kafin a Fara Ɗaukar Fim

Tambayar da ta fi zo mini daga matasan da ke ɗaukar bidiyo kusan iri ɗaya ce kullum: «Malam, firem nawa zan sa? 4K zan ɗauka ko 1080? A tsaye ko a kwance?» Abin da ke damuna shi ne yawanci sai an gama ɗauka ake tambayar, an tashi daga lokeshin, an sallami 'yan wasa, sannan a kawo wa edita memori a ce ya gyara. Launi yana gyaruwa a teburin editin, sauti ma ana iya lallaɓa shi. Waɗannan abubuwa uku kuwa, wato yawan firem ko hotunan da kamara ke ɗauka a sakan, yawan fiksel da siffar hoto, a ranar ɗauka ake yanke su, kuma gyaran da za a yi musu daga baya duk faci ne.

Zan bi aikin da misali guda har ƙarshe. A ce furodusa yana da shiri mai dogon zango da za a ɗauka a Kano, kowane kashi minti 40. Za a sa shi a YouTube, ana fatan wata tashar talabijin ta saya, ana son a yanki gajerun tallace-tallace na TikTok, kuma furodusan yana tunanin haɗa kashi na farko da na biyu a haska a sinima ranar buɗewa. Wannan shi ne irin aikin da ya fi rikita mutane, domin allo uku yake nema wa kaya ɗaya.

1. Tambayi inda aikin zai sauka, ka rubuta amsar

Kafin ka taɓa kamara, zauna da furodusa da darakta ka ce su jera maka inda za a kalli aikin, daga wanda ya tabbata zuwa wanda ake fata kawai. Amsar «ko'ina» ba amsa ba ce. A misalinmu YouTube ya tabbata, talabijin na nan kusa, sinima kuwa dare ɗaya ne.

Daga nan sai ka duba wanda ya fi tsauri a cikinsu. YouTube da TikTok ba sa zaɓe, kusan duk abin da ka ba su za su karɓa. Tashar talabijin tana da ƙa'idarta, haka ma majigin sinima, kuma su ne za su iya mayar maka da aiki. Saboda haka da ƙa'idar mai tsauri ake saita kamara, ba da ta mai sauƙin kai ba. Idan akwai tashar da ake magana da ita, ka nemi takardar ƙa'idojin miƙa shiri daga sashen injiniyoyinsu tun yanzu. Kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka a baki cewa «haka suke karɓa».

2. Yawan firem: fara da wutar lantarkin inda kake

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan aka fi yin ɓarna.

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru tana kaɗawa sau 50 a sakan. A Amurka sau 60 ne. Wannan bambanci shi ya raba duniyar talabijin gida biyu: mu muna kan firem 25 da 50, su suna kan 30 da 60. Wayoyi da kamarori da yawa suna zuwa ne a saite kan 30, kuma yawancin darussan da yaranmu ke kallo a intanet mutanen can ne suka yi su. Shi ya sa za ka ga yaro a Kano yana ɗauka da `30fps` bai san ya ɗauko lissafin wata ƙasa ba.

Ga abin da ke faruwa. Ƙwan fitila mai aiki da wutar gida, musamman doguwar farar fitila da ƙananan ƙwayaye masu araha, ba ya ba da haske a tsaye. Yana ƙaruwa yana raguwa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kamara tana gani. Idan ƙiftawar kamara, wato ɗan lokacin da take barin haske ya shiga a kowane firem, ta dace da wannan kaɗawa, kowane firem zai sami haske daidai da ɗan'uwansa. Idan ba ta dace ba, sai ka ga hoto yana kyarma, ko wasu layuka masu duhu suna gangarowa a bango. Na taɓa karɓar aikin wata walima da aka ɗauka a zaure da firem 30, ƙiftawa `1/60`. A ƙaramin allon kamara ba wanda ya lura. Da na buɗe a kwamfuta, farin bangon zauren sai ka ce ana kaɗa labule a gabansa. Na kwana biyu ina ragewa da manhaja, ya dai lafa, amma fuskokin mutane suka yi dishi-dishi duk inda aka motsa.

To ga zaɓin a sauƙaƙe.

Idan talabijin na cikin lissafi, ko kana ɗauka a ƙarƙashin wutar gida, sa firem 25, ƙiftawa `1/50`. A kamarori da yawa ba za ka ga 25 ba sai ka shiga menu ka sauya daga `NTSC` zuwa `PAL`. Wasu kamarorin za su nemi goge memori bayan wannan sauyi, don haka ka yi shi kafin ka fara aiki, ba a tsakiyarsa ba. A iPhone ka shiga `Settings`, `Camera`, `Record Video`, ka kunna `Show PAL Formats`, sai 25 ta bayyana. A wayoyin Android manhajar kamara ta asali sau da yawa ba ta ba da 25, amma Blackmagic Camera da Open Camera kyauta ne, suna ba ka dama idan wayar ta yarda.

Idan fim ne da aka yi shi musamman don sinima, sa firem 24, domin shi ne kowane majigin zamani ke karɓa ba gardama. Amma ka bar ƙiftawa a `1/50`, kada ka sa `1/48` a ƙarƙashin wutarmu. Kamarorin da ke lissafi da kusurwa suna da `172.8°`, shi ne daidai da hakan.

Idan waya kaɗai ake nufi, kuma wayar ta ƙi ba da komai sai 30, ba laifi, ɗauki da 30. Sai dai ka kulle ƙiftawa a `1/50` ko `1/100` idan kana cikin ɗaki, kyarmar za ta tafi. Ƙiftawar ce ke kashe kyarma, ba yawan firem shi kaɗai ba.

Gargaɗi a nan: janareta ba ya tsayawa cak a kan 50. Idan kaya sun yi masa yawa yana sauka, idan an rage yana hawa. Don haka ko ka saita komai daidai, in an koma kan janareta sai ka sake gwaji. Ɗauki farin bango na sakan goma, ka kalla a babban allo. In yana kyarma, kashe fitilun ɗakin ka haska da fitilun ɗaukar fim masu batir, ko kuma ka yi amfani da saitin da wasu kamarori ke da shi na matsar da ƙiftawa kaɗan-kaɗan har layukan su ɓace.

Wani abu kuma, `1/50` a tsakar rana a Kano hasken zai yi yawa ƙwarai. Masu ɗauka da yawa sai su tura ƙiftawa zuwa `1/2000` don su rage haske, sai motsin mutane ya zama tsinke-tsinke, hannu in ya ɗaga kamar ana ƙirga shi. Maganin shi ne baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban lensi, wanda za ka ga an rubuta `ND` a jikinsa. Ina ganin ya fi wani sabon lensi amfani ga mai ɗauka a ƙasarmu.

A shirinmu na misali, amsar ita ce 25. Sinimar dare ɗaya ba ta isa ta ja shiri mai dogon zango zuwa 24 ba, za mu ga yadda ake bi da ita a mataki na shida.

3. Kada a gauraya, sai da niyya

Duk kamarorin da ke wurin su kasance kan lamba ɗaya: babbar kamara, ta biyu, jirgi marar matuƙi, da wayar da wani zai ɗauki wani ɓangare da ita. Jirgin ne aka fi mantawa, sai ya sauko da 30 alhali kowa na kan 25. Idan aka ɗora hoton 30 a kan aikin 25, manhajar editin tana jefar da firem ɗaya cikin kowane shida. A hoton da kamara ke tsaye ba za a lura ba, amma hoton sama da ke tafiya a hankali a kan rufin gidaje zai riƙa tuntuɓe sau biyar a kowane sakan. In hakan ta riga ta faru kuma ba magana a cikin hoton, kada ka bari a jefar da firem. Ka umarci manhajar ta karanta fayil ɗin a matsayin 25, zai ɗan yi sanyin tafiya kaɗan amma sumul.

Gaurayawar da ake yi da niyya ita ce ta tafiyar hawainiya. Ɗauki da firem 50, ƙiftawa `1/100`, ka ɗora a kan 25, ka sami rabin gudu cif. Amma kada ka ɗauki shirin gaba ɗaya da 50 wai ko za a buƙata. Fayil yana ƙara girma, kana buƙatar haske ninki biyu, kuma wasan kwaikwayo a firem 50 yana kama da ɗaukar labarai ko ƙwallo.

Gargaɗi ga masu 24: a kamarori da yawa abin da aka rubuta `24p` a zahiri `23.976` ne. Bambancin ɗaya ne cikin dubu, amma a fim mai awa ɗaya ya kai sakan 3.6. In aka haɗa sauti a kan lamba ɗaya, hoto a kan ɗayar, kafin a kai ƙarshen fim baki ya rabu da magana. Ka duba ainihin lambar a fayil, kada ka tsaya kan abin da menu ya ce.

Hoton waya yana da tasa matsalar. Waya ba ta riƙe yawan firem a tsaye, in wuri ya yi duhu ko ta yi zafi sai ta rage da kanta. Wannan ne ke sa sauti ya zame a doguwar hira. Manhajar MediaInfo za ta nuna maka `Variable` ko `Constant`. In `Variable` ka gani, kafin ka fara editin wuce da fayil ɗin ta HandBrake ka zaɓi `Constant Framerate`, ko ka yi haka:

```
ffmpeg -i waya.mp4 -vf fps=25 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac gyararre.mp4
```

Lambar da za ka sa a wurin 25 ita ce wadda aka nufa da ɗaukar tun farko.

4. Yawan fiksel: ɗauka da yawa, miƙa daidai buƙata

Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: girman da za ka ɗauka da girman da za ka miƙa. Mai kallo a waya, da data ɗin da yake lallaɓawa, sau da yawa a 360 ko 480 yake kallo. Wanda ya je shagon masu tura fina-finai kuwa, abin da zai shiga memorinsa ya fi haka matsuwa. Yawancin tashoshin talabijin iyakarsu 1920 a 1080, wasu ma har yanzu a tsohon ma'auni na 720 a 576 suke watsawa. Majigin sinima da yawa 2K ne, wato 2048 a 1080, wanda faɗinsa bai wuce na talabijin da komai ba sai fiksel 128. Ke nan kusan ba wanda zai ga 4K ɗinka a matsayin 4K.

Duk da haka, a shirinmu zan ce a ɗauka da 4K, wato 3840 a 2160, saboda dalili ɗaya mai ƙarfi: yanka. Idan ka ɗauki hoto a kwance da 1920 a 1080, ka zo yankar tsakiyarsa don TikTok, abin da zai rage maka faɗinsa fiksel 608 ne kawai, tsayinsa 1080. Sai ka buɗa shi kusan ninki biyu kafin ya cika 1080 a 1920, kuma zai yi laushi kamar an shafa masa mai. Idan kuwa da 3840 a 2160 ka ɗauka, yankan tsakiya zai ba ka 1215 a 2160, ya ma fi abin da ake buƙata. Haka nan a cikin shirin kansa, edita zai iya matso da fuskar mai magana ba tare da hoton ya lalace ba.

Kuɗin wannan zaɓi a ma'ajiya yake fita, don haka a yi lissafi tun kafin a fita. Kamarar da ke rubuta megabit 100 a sakan tana cin megabait 750 a minti, wato gigabait 45 a awa. A ce kowane kashi na minti 40 ana ɗaukar awa huɗu kafin a tace shi. Gigabait 180 ke nan a kashi ɗaya, kashi goma kuwa terabait 1.8. Kuma dole a ajiye kwafi biyu a faifai biyu daban, don haka ka ninka. Wannan lissafin za ka kai wa furodusa ya sayi faifan ajiya da shi. Sai kuma memori: ka duba alamar `V30` ko sama da haka a jikinsa, domin memori marar sauri shi ke sa kamara ta tsaya da kanta ana tsakiyar wasa. Jabun memori sun yi yawa a kasuwa, ka cika sabo da ɗauka har ƙarshe a gida ka ga ko zai buɗe, kafin ka kai shi lokeshin.

Idan kwamfutar editan ba ta da ƙarfi, ba sai an fasa 4K ba. Manhajojin editin suna yin ƙananan kwafi masu sauƙi da ake aiki da su, za ka ga an rubuta `Proxy`, a ƙarshe kuma su koma kan na asali. Amma idan ba za a yi yankan tsaye ba, kuɗin faifai ma babu, ka ɗauki 1080 mai tsabta da haske mai kyau, hankalinka kwance. Na ga 1080 da aka haska da kyau ya yi kyau a babban allo, na kuma ga 4K da aka ɗauka a ɗaki mai duhu ya fito da ƙura kamar hazo.

Gargaɗi: wasu kamarori suna matse abin da lensi ke gani idan aka koma 4K, wasu kuma suna zafi su mutu. A watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwada ɗaukar minti talatin a jere a cikin zafin da za ka yi aiki.

5. Siffar hoto, da batun baƙaƙen layukan nan

Talabijin da YouTube siffarsu 16:9 ce. TikTok da sauran gajerun bidiyo na tsaye 9:16. Sinima tana da biyu: 1.85:1 da suke kira `Flat`, da 2.39:1 mai faɗi sosai da suke kira `Scope`.

Akwai wata al'ada da ta shigo mana, ta ɗora baƙin layi sama da ƙasa a kan kowane bidiyo don ya yi kama da fim ɗin sinima. Ina roƙon a yi tunani kafin a yi. Ɗauki waya mai faɗin kusan santimita bakwai, a riƙe a tsaye kamar yadda yawancin mutane ke riƙewa. Hoton 16:9 zai sami tsayin kusan santimita huɗu. Hoton 2.39:1 ba zai kai uku ba. A cikin wannan ɗan siririn wuri ne kake son mai kallo ya ga hawayen jaruma, ya kuma karanta fassarar da ke ƙasa. A allon sinima siffar tana ƙara faɗi ne, a waya kuwa rage tsayi kawai take yi. A talabijin ma, cikin layuka 1080 kusan 276 sun tafi a baƙi, kashi ɗaya cikin huɗu na allon.

Shirinmu 16:9 zai zauna. Abin da ya rage shi ne a tsara hoto yadda zai jure yanka biyu. Kunna layukan jagora a allon kamara, in babu ka manna siririn tef a kan allon. Na farko, bar ɗan sarari a saman kai, domin idan za a kai sinima a siffar 1.85:1 za a ɗan aske sama da ƙasa, kusan kashi biyu cikin ɗari kowane gefe. Wannan ba wuya. Na biyu shi ne mai wuya: yankan tsaye yana ɗaukar ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton. Mutum biyu da ke zaune a kan tabarma suna fuskantar juna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, in aka yanki tsakiya sai a sami bango da kwanon abinci.

Kada ka lalata shirin gaba ɗaya da cusa kowa a tsakiya saboda TikTok. Abin da nake ba da shawara shi ne, darakta ya zaɓi fitowa uku ko huɗu a kowane kashi waɗanda ya san su ne za su zama talla. A waɗannan, bayan an gama ɗaukar da aka saba, a ƙara ɗaukar kowane ɗan wasa shi kaɗai a tsakiyar hoto, daga ƙirji zuwa sama. Minti goma zai ci, edita kuma ya sami abin da zai jera a tsaye.

Rubutu ma yana da iyakarsa. A talabijin, suna da fassara da tambari su nisanci bakin allo da aƙalla kashi biyar cikin ɗari ta kowane gefe, saboda wasu akwatunan suna cinye gefe. Ka kuma bar kusurwoyin sama, nan tasha ke sa tambarinta. A bidiyon tsaye, ƙasa da gefen dama na manhajar ne, nan sunan mai shafi da maɓallan so da sharhi suke zama. Duk rubutun da ka sa a can an rufe shi.

Gargaɗi: idan har darakta ya dage kan 2.39:1, kada ka ƙone baƙaƙen layukan a cikin fayil ɗin YouTube. Fitar da shi a ainihin girmansa, 1920 a 804, manhajar za ta cike gurbin da kanta. In ka ƙone su, mai wayar da allonta dogo ne zai ga baƙi ta gefe huɗu, hoton na tsakiya kamar tambarin wasiƙa. Talabijin ce kaɗai ke buƙatar a cike mata 1920 a 1080.

6. Uwa ɗaya, 'ya'ya huɗu

Ka buɗe aikin editin da saitin da ka ɗauka: 3840 a 2160, firem 25. A DaVinci Resolve ka saita `Timeline frame rate` kafin ka shigo da ko fayil ɗaya, domin da zarar kaya sun shiga wurin yana kullewa. Idan an gama, fitar da uwar aiki guda mai nauyi, a ProRes ko DNxHR, sauti a `48 kHz`. Ka fitar da wata kuma wadda ba rubutu ko fassara a kanta. Daga uwar nan ake cire sauran, ba a cire ɗa daga ɗa.

Na YouTube: 1920 a 1080, firem 25 yadda yake, `H.264`. YouTube da kansa megabit 8 a sakan yake ba da shawara ga wannan girma, ke nan kashi mai minti 40 zai kama gigabait 2.4. In ka ce 4K za ka ɗora a megabit 40, gigabait 12 ne. Ka dubi ƙarfin intanet ɗinka da kuɗin data, ka tuna kowane mako za ka yi. Kada ka mayar da 25 zuwa 30 wai don waya, allon waya yana nuna 25 lafiya lau.

Na TikTok: buɗe sabon aikin editin mai 1080 a 1920, firem 25, ka bi kowane hoto ka matsar da shi da hannu har fuska ta zauna. Idan za ka tura wa mai ɗorawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin `Document`. In ka tura a matsayin bidiyo, manhajar za ta matse shi, TikTok ya sake matsewa, abin da zai fito ba shi ka yi ba.

Na talabijin: bi takardar da ka karɓo a mataki na farko, harafi da harafi. Tashoshi da yawa a yankin masu 50 suna neman `1080i50`. Kada wannan ya tsorata ka, ba sai ka sake ɗauka ba. Aikin firem 25 yana shiga wannan ma'auni daidai, kowane firem ana raba shi gida biyu ne ba a rasa komai. Wannan ita ce ribar da ka ci tun ranar da ka zaɓi 25. Wanda ya ɗauka da 30 a nan yake gane kurensa, domin dole a jefar da firem, duk inda kamara ta juya sai hoto ya yi tsalle. Idan tashar a tsohon ma'auni take watsawa, ka tambaye su yadda suke bi da hoton 16:9, don kada a matse shi mutane su fito dogaye sirara.

Na sinima: majigin zamani ba `MP4` yake ci ba, wani kunshi ne da ake kira `DCP`, kuma manhajar DCP-o-matic tana haɗa shi kyauta. Zaɓi `Flat`, wanda girmansa a 2K 1998 a 1080 ne. Hanya biyu ce. Ko ka bar hoton 16:9 yadda yake, a sami siririn baƙi na fiksel 39 dama da hagu wanda ba mai lura da shi a duhu, ko ka aske sama da ƙasa ya cika. Tunda ka bar sarari a saman kai, askewar ba za ta cutar ba.

Sai batun 25 da 24. Sabon tsarin `DCP`, wato `SMPTE`, yana karɓar 25, tsohon tsarin `Interop` kuwa 24 ya sani. Ka kira mai kula da majigin wurin da za a haska ka tambaye shi ko na'urarsu tana kunna 25. In tana yi, shi ke nan. In ba ta yi, kada ka jefar da firem ɗaya a kowane sakan. Rage gudun fim ɗin ake yi, a nuna firem ɗin nan dai amma 24 a sakan. Kashi biyunmu masu minti 80 za su koma minti 83 da sakan 20. Ido ba ya kama wannan, amma kunne yana iya kamawa, domin murya da kiɗa suna sauka ƙasa kaɗan, abin da bai kai rabin mataki na sautin kiɗa ba. Dole a ja sautin daidai da hoton, kuma in akwai waƙa a ciki, a sa mai haɗa sauti ya mayar da muryar inda take.

7. Gwaji kafin ranar aiki

Kwana biyu kafin a fara ɗauka, ɗauki minti ɗaya da ainihin kamarorin da za a yi aiki da su, har da jirgin. A sami mutum yana magana a ɗaki da fitila a kunne, a sami wani yana tafiya a rana, a juya kamara a hankali daga dama zuwa hagu. Ka wuce da minti ɗayan nan ta duk hanyar da shirin zai bi: shiga editin, fitar da uwa, cire na YouTube da na tsaye. Ka kalla a ƙaramar waya mai araha, ba taka mai tsada ba, ka kuma sa a filashi ka kalla a talabijin na falo. Abin da kake nema huɗu ne: kyarma a bango, tuntuɓe a juyawar kamara, baki da ya rabu da magana, da rubutun da ya faɗa gefe.

Na sinima kuwa, ka haɗa `DCP` na minti biyu ka kai musu aƙalla mako ɗaya kafin ranar buɗewa, ka roƙi a kunna maka da safe kafin 'yan kallo su fara shigowa. Ka zauna a layin gaba ka duba kaifin hoto, ka koma na baya ka ga ko fassarar tana karantuwa. Cikakken kunshin kuma ka kai shi kwana biyu kafin ranar, domin kwafe shi daga faifanka zuwa na'urarsu yana ɗaukar lokaci, kuma ka tambaye su tun da wuri irin tsarin faifan da na'urar tasu ke karantawa.